Gadin bakin tasha: yadda Birtaniya ta shaƙe Faransa a teku a 1759

Tambaya: Malam, ina yawan karanta cewa rundunar ruwan Birtaniya ta "datse" tashoshin Faransa a zamanin da iska ke tura jirage. Teku ba ta da ƙofa, jirgi ba shi da inji. Ta yaya ake datsewar, kuma da gaske ita ke yanke hukuncin yaƙi da ciniki, ko manyan gwabzawa irin ta Trafalgar ne?

Amsa: Teku kam ba ta da ƙofa, amma tashar jiragen yaƙi tana da ita, kuma a nan ake tsayawa. Zan ɗauki shekara ɗaya da tasha ɗaya, wato Brest a 1759, domin duk abin da kake son sani ya bayyana a wurin.

Sai ka fara da sanin halin jirgin. Babban jirgin yaƙi na lokacin yana tafiya ne da filafilai, manyan zannuwa masu kauri da ake ɗaurawa a jigajigansa su kama iska. Idan iska na bayansa ko a gefensa, tafiya ta yi daɗi. Idan tana busowa daga inda ya nufa, iyakar abin da zai iya shi ne ya karkata kamar digiri 67 daga gare ta, ya yi ta kai-da-komo hagu da dama. A buɗaɗɗiyar teku hakan na yiwuwa, ko da yake da ɓata lokaci. A matsatsin mashigi kuwa, tarin manyan jirage ba su da filin yin haka.

Brest ita ce babbar tashar yaƙin Faransa a gaɓar Atlantika. Tana can ƙarshen yankin Brittany, kuma hanyar fita daga cikinta mashigi ne da ake kira Goulet, wanda faɗinsa bai kai kilomita 2 ba, yana kuma kallon yamma. A wannan yanki iskar da ta fi yawa daga yamma ko kudu maso yamma take zuwa. Ke nan mafi yawan kwanakin shekara iska ce da kanta ke tsare rundunar Faransa a gida. Ba su iya fitowa sai ta juya ta zo daga gabas ko arewa maso gabas. Saboda haka aikin Ingilishi ya ragu zuwa abu guda: duk ranar da iskar gabas ta taso, a same su a bakin mashigin.

Amma iskar yamman nan tana da nata sharrin ga mai gadi. Gaɓar Brittany cike take da duwatsu da igiyar ruwa mai ƙarfi, musamman kewayen tsibirin Ushant. Idan guguwa ta taso daga yamma, tana tura jiragen da ke gadi zuwa kan duwatsun nan ne, kuma ba inji da zai fitar da su. Dabarar ita ce su gudu su fake a Torbay, a kudancin Ingila, inda tudu ke kare su daga yamma. Plymouth ta fi kusa, sai dai bakinta a buɗe yake ga iskar kudu maso yamma, kuma ba a fara gina mata katangar kare igiyar ruwa ba sai 1812. Lissafin shi ne: guguwar da ta kore ka ita ce ke tsare abokin gaba a ciki, iskar gabas da za ta sake shi ita ce za ta mayar da kai. Haɗarin duka yana cikin 'yan kwanakin da ke tsakani.

A 1759, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Bakwai tsakaninta da Birtaniya, Faransa ta ga tana shan kashi a yankunan mulkinta na ƙetare, sai ministanta Choiseul ya shirya kai yaƙin har gidan Birtaniya. An tara sojoji kusan 20,000 a yankin Morbihan, kudu da Brest, ƙarƙashin d'Aiguillon, da nufin a kai su Sikotilan. Jiragen dakon sojojin suna Morbihan, jiragen yaƙin da za su raka su suna Brest ƙarƙashin Conflans, wata rundunar kuma tana Toulon a Bahar Rum. Kafin a yi komai sai an haɗa waɗannan wuri ɗaya. Rundunar Toulon ta fito a watan Agusta, kwamandan Birtaniya Boscawen ya bi ta ya tarwatsa ta kusa da Lagos, ta ƙasar Fotugal ba tamu ba. Saura Brest, wadda Edward Hawke, kwamandan rundunar Birtaniya, ke tsaye a bakinta tun watan Mayu.

Yadda ya tsara gadin shi ne mataki-mataki. Can kusa da mashigin akwai 'yan jirage kaɗan ƙarƙashin Augustus Hervey, suna matsowa har su ƙirga jigajigan jiragen da ke ciki, su duba ko an ɗaura filafilai, domin jirgin da aka ɗaura wa filafilai ya kusa tashi. Su ne kuma ke tare ƙananan jiragen da ke bin gaɓa suna kai wa Brest katako, igiya da abinci. Manyan jiragen suna can baya kusa da Ushant, inda suke da filin juyawa. Ƙananan jirage masu gudu na kai saƙo tsakani. Wani rukunin, ƙarƙashin Robert Duff, yana gadin jiragen dakon da ke Morbihan.

Wannan tsari kowa zai iya zana shi a takarda. Abin da ya gagari waɗanda suka gabaci Hawke shi ne zama. Idan mutane suka yi makonni shida zuwa goma suna cin gishirtaccen nama da busasshen biskit kawai, ciwon rashin bitamin C yake kama su: dasashi ya kumbura ya riƙa jini, haƙora su yi girgiɗi, tsoffin raunuka su buɗe, ƙato ya kasa hawa jigo. Ruwan sha a gangar katako yana wari. Ƙasan jirgin kuma ciyawar teku da ƙananan dodon koɗi suna manne masa har gudunsa ya ragu, domin a lokacin ba a fara lulluɓe shi da tagulla ba. Wannan sai wajen 1780 ya zama ruwan dare. Saboda haka a da runduna kan yi 'yan makonni ta koma gida da majinyata, ƙofa ta zauna a buɗe.

Duba lissafin cikin. Hawke yana da mutane kusan 14,000. Rabon kowane mutum a rana shi ne laba ɗaya na biskit da galan ɗaya na giya mara ƙarfi, wadda ake sha a madadin ruwa. Wato fiye da tan 6 na biskit da galan 14,000 na abin sha kowace rana, ban da nama, wake, man shanu da itacen girki. Hukumar jiragen ruwa ƙarƙashin Anson ta yarda a riƙa kai masa kaya har inda yake: shanu da tumaki masu rai, kabeji, albasa da sauran ganyaye, ana sauke su daga jirgi zuwa jirgi da kwale-kwale a kan teku mai tangal-tangal. Jiragen yaƙin kuma suna zuwa Plymouth bi da bi a kankare musu ƙasa, su dawo wasu su tafi. Ba a rasa tangarɗa ba. Giyar da ake aikowa daga Plymouth ta sha lalacewa, Hawke ya yi ta rubuta ƙorafi yana sa a zubar da ita a teku. Duk da haka, likitan nan James Lind ya rubuta cewa ranar da aka gwabza, bayan wata shida a teku, marasa lafiya a duk rundunar ba su kai 20 ba. A ganina wannan adadi ya fi adadin jiragen da aka nutsar muhimmanci, domin shi ne abin da Faransa ba ta iya kwaikwaya a lokacin. Shekara biyu kafin nan, a 1757, rundunarta da ta dawo daga Louisbourg a Kanada ta shigo Brest da annobar zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa, ta kashe dubban matuƙa da mutanen gari.

Yayin da na waje ke gogewa, na ciki lalacewa yake yi. Matuƙin jirgin filafilai ba a koya masa aiki a kan tudu. Dole ya hau jigo cikin dare da guguwa, ya naɗe filafili da ɗaruruwan abokansa a lokaci guda. Mutanen Conflans sun shekara uku rabon yawancinsu da fita teku a runduna, ga ƙarancin ƙwararru, domin tun 1755, kafin ma a shelanta yaƙi, Birtaniya ta kama jiragen kasuwancin Faransa kusan 300 da matuƙa wajen 6,000. Aka cike gurbi da manoma da sojojin ƙasa.

A farkon Nuwamba guguwar da ake tsoro ta zo, Hawke ya gudu Torbay. Iskar da ta kore shi ita ta shigo da wata ƙaramar rundunar Faransa ƙarƙashin Bompart daga tsibiran Karebiyan zuwa Brest ba tare da an tare ta ba, nan Conflans ya gane ƙofa ba kowa. Ranar 14 ga Nuwamba iska ta juya, ya fito da manyan jirage 21. A ranar nan Hawke ya bar Torbay da 23. Da labari ya same shi a hanya bai yi wata-wata ba game da inda Conflans ya nufa, tunda sojojin suna Morbihan.

Da safiyar 20 ga Nuwamba, Conflans yana korar jiragen Duff kusa da tsibirin Belle-Île sai ga filafilan Hawke a bayansa. Iska mai ƙarfi tana busowa daga yamma maso arewa. Conflans ya yanke shawarar shigewa mashigin Quiberon, wuri mai duwatsun Cardinaux a gefe ɗaya da tudun ƙarƙashin ruwa na Four a ɗaya gefen. Tunaninsa ba na wauta ba ne: yana da jagorori 'yan ƙasa, Ingilishi ba su da, ga guguwa, ga yinin Nuwamba gajere. Babu kwamanda mai hankali da zai biyo shi. Hawke ya biyo shi, ya mai da jiragen Faransa jagororinsa, duk inda suka bi ya bi. An fara harbi wajen ƙarfe 2 na rana, duhu ya rufe wajen 5.

A cikin sa'o'in nan aka ga bambancin wata shida a teku da shekaru a tasha. Jirgin Faransa Thésée ya buɗe tagogin igwa na bene na ƙasa cikin wannan igiyar ruwa, ruwa ya kwararo ciki, ya nutse da kusan duk mutanensa. Superbe ma ya nutse. An kama Formidable. Soleil Royal, jirgin Conflans kansa, da Héros sun kafe a gaɓa aka ƙone su, Juste ya farfashe a bakin kogin Loire. Wasu suka tsere Rochefort, wasu kuma suka zubar da igwoginsu don su yi sauƙi suka kutsa kogin Vilaine, inda suka maƙale fiye da shekara. Birtaniya ta rasa jirage 2, Resolution da Essex, dukansu a kan tudun Four.

To, ga inda tambayarka ta biyu take. Jirage shida ko bakwai ba su ne ƙarshen Faransa ba. Abin da ya biyo baya shi ne hukuncin, kuma an yanke shi ne a nesa. Quebec ta faɗa hannun Birtaniya a Satumba 1759, amma yaƙin Kanada bai ƙare ba. A Afrilu 1760 kwamandan Faransa Lévis ya ci Ingilishi a Sainte-Foy, ya yi wa Quebec ƙawanya. Ɓangarorin biyu duk a galabaice suke, kowa ya zuba ido ga kogin St Lawrence ya ga tutar wa za ta fara bayyana idan ƙanƙara ta narke. Ranar 9 ga Mayu jirgin Birtaniya ne ya iso, wasu suka biyo baya, Lévis ya janye. 'Yar gudummawar da Faransa ta iya aikowa daga Bordeaux an ritsa ta a Restigouche a watan Yuli, Montreal ta miƙa wuya a Satumba. Haka Pondicherry a Indiya ta faɗi a Janairu 1761 bayan yunwa, ba jirgin da ya zo ceto. Sojan da ya sha kaye a waɗannan wurare bai taɓa ganin Ushant ba, amma a can aka hana shi harsashi da albashi.

Ciniki kuwa, kada ka ɗauka an rufe shi ruf. Ba a taɓa yin datsewar da ba ta yoyo ba. A Oktoban 1759 ɗin nan Bafaranshe François Thurot ya sulale da jiragensa daga Dunkirk, har ya kama garin Carrickfergus a Ailan a Fabrairu 1760 kafin a kashe shi. Masu farautar jirage da lasisin gwamnatin Faransa sun ci gaba da fita daga Dunkirk, Saint-Malo da Bayonne, kuma idan ƙirge za a yi, sun kama jiragen kasuwancin Birtaniya fiye da yadda aka kama na Faransa. Dalilin ba abin alfahari ba ne: na Faransa sun daina fita, babu abin kamawa.

Hanyar da datsewa ke kashe ciniki ita ce ta kuɗin inshora da rakiya. Jiragen kasuwa a lokacin yaƙi sukan tafi ne a ayari, kamar yadda fatake ke jiran juna su bi madugu da 'yan rakiya maimakon kowa ya ratsa daji shi kaɗai. 'Yan rakiya kaɗan sun isa korar mafarauci ɗaya ko biyu, amma ba su isa tsayawa gaban manyan jiragen yaƙi ba. Tunda manyan jiragen Faransa suna tsare, ayarin Birtaniya na wucewa da rakiya 'yar kaɗan, asararsa ba ta fi ƙarfin masu inshorar Landan ba. Ɗan kasuwar Bordeaux ko Nantes kuwa ba shi da mai raka shi, inshora ta haura har ta cinye ribar tafiyar, sai ya ɗaure jirginsa. Sukari da kofi da bayi ke nomawa a Saint-Domingue da Martinique, yankunan Faransa a Karebiyan, suka taru ba mai ɗauka. Ƙaron da masaƙun Turai ke buƙata, wanda ake saya a kogin Senegal, ya koma hannun Birtaniya tun da ta ƙwace Saint-Louis da Gorée a 1758. Kuɗin shiga ya ragu, bashi ya gagara, har a Oktoba 1759 gwamnatin Faransa ta dakatar da biyan wasu basussukanta, sarki Louis XV ya aika da kwanukan azurfarsa a narke a buga kuɗi. Rundunar da ba a biya ba, ba ta fita, rashin fitarta kuma ya ƙara tsuke kuɗin.

Mafitar Faransa ita ce jiragen ƙasashen da ba sa cikin yaƙin, musamman na Holan. Birtaniya ta mayar da martani da ƙa'idar da aka sani da Dokar 1756: cinikin da aka hana baƙo yi a lokacin zaman lafiya, ba za a buɗe masa shi a lokacin yaƙi ba. Da ita ta riƙa tsayar da jiragen 'yan ba-ruwanmu tana kai su kotu. Wannan ne tsadar datsewa da ba a cika faɗa ba, domin kowane jirgi da ka kama ka ƙara maƙiyi. Ita ta haifar da ƙawancen 'yan ba-ruwanmu masu makamai da Rasha ta jagoranta a 1780, kuma rikici irin wannan, haɗe da kwashe matuƙa da ƙarfi daga jiragen Amurka, ya kai ga yaƙin 1812. Sai a 1856, a sanarwar Paris, manyan ƙasashe suka amince cewa datsewa ba ta hau kan kowa ba sai in akwai jiragen da suka isa su hana shiga da gaske.

Idan kana son hujja daga ɗaya ɓangaren, dubi yaƙin 'yancin Amurka. Wannan karon Birtaniya na fuskantar Faransa, sannan Sifen daga 1779, sannan Holan daga 1780, jiragenta kuma a warwatse. Ba ta iya tsayawa bakin Brest yadda Hawke ya yi ba. D'Estaing na Faransa ya fita daga Toulon a 1778 ba wanda ya tare shi. A Agusta 1780 rundunar Sifen da Faransa ta afka wa ayarin Birtaniya ta kwashe jirage 55 a tashi ɗaya. A Maris 1781 de Grasse na Faransa ya fita daga Brest, kuma ranar 5 ga Satumba, da jirage 24, ya tare Graves na Birtaniya mai 19 a bakin Chesapeake. Gwabzawar kanta ba ta da wani armashi, ba a kama jirgi ko ɗaya ba. Amma Graves ya koma New York, sojojin Birtaniya ƙarƙashin Cornwallis suka zauna a Yorktown ba hanyar ruwa, suka miƙa wuya ranar 19 ga Oktoba. Akasin haka ma ya faru a 1794: Howe na Birtaniya ya ci rundunar Brest ranar 1 ga Yuni, ya kama jirage 6 ya nutsar da ɗaya, aka yi ta murna a Landan, amma ayarin hatsi mai jirage sama da 100 daga Amurka, wanda saboda shi Faransawa suka fito, ya shige Brest lafiya.

Trafalgar da ka ambata ma haka take. An yi ta ranar 21 ga Oktoba 1805, alhali Napoleon ya riga ya kwashe sojojinsa daga Boulogne tun ƙarshen Agusta ya nufi Ostiriya. Abin da ya rusa shirin mamaye Ingila shi ne kwamandan Faransa Ganteaume da jiragensa 21 sun kasa fita daga Brest, inda William Cornwallis, ƙanin wancan na Yorktown, ya tsaya tun 1803. Zuwa lokacin ana raba wa matuƙa ruwan lemun tsami, ƙasan jirage na da tagulla, zama ya fi sauƙi fiye da zamanin Hawke.

Iyakar wannan makami ita ce ƙasa mai iya ciyar da kanta ba ta mutuwa da shi. Faransa ta rasa yankunan ƙetare da cinikin tashoshinta, amma bayan Trafalgar da makonni shida Napoleon ya yi nasara a Austerlitz, ya kuma yi kusan shekara goma yana juya Turai. Da ya rasa rundunar da zai datse Birtaniya da ita, sai ya gwada yi daga tudu: dokar Berlin ta Nuwamba 1806 ta hana tashoshin Turai karɓar kayan Birtaniya. Fasa-ƙwauri ta tsibiran Heligoland da Malta ya huda ta, shi kansa ya koma sayar da lasisin keta ta. Rasha, wadda manyanta ke rayuwa da sayar wa Birtaniya katako, rama da kitse, ta buɗe tashoshinta ga jiragen 'yan ba-ruwanmu a ƙarshen 1810, kuma wannan na cikin manyan dalilan da suka sa ya ɗauki sojojinsa zuwa Mosko a 1812.